Abin da ya kamata ku sani kafin ku shigar da sabon mutum cikin kasuwancin haɗaka

Idan kaka ta yi a Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara, hatsi yana da yawa, kuɗin saye ne ke ƙaranci. Shi ya sa za ka ga mutum biyu ko uku sun haɗa jari, wannan ya kawo abin da ya samu daga sayar da shanu, wancan ya kawo na waken suya, su sayi masara su zuba a sito, su jira bazara ko su riƙa kai wa Ɗandume da Funtuwa. Da yawa daga cikin irin wannan haɗaka ba takarda, amana ce kawai. Amanar kuma tana riƙe su shekara da shekaru, har ranar da wani na uku ya zo da kuɗinsa ya ce a sa shi. A ranar ne tambayoyin da aka daɗe ana kauce musu suke fitowa: kason wa za a rage? Wanda ya fi zuba kuɗi me zai samu a kan fifikonsa? Sunan da aka sha wahala aka gina, kyauta sabon zai shigo ya ci moriyarsa?

Zan bi tambayoyin nan da misali guda ɗaya daga farko har ƙarshe. Mutanen da ke ciki da alƙaluman duk na misali ne, sai ka cire su ka sa naka.

Mene ne lissafin haɗaka?

Haɗaka ita ce mutum biyu ko fiye su yi kasuwanci tare da niyyar raba riba. Lissafinta bai bambanta da na mai shago shi kaɗai ba wajen gano riba: ka tara abin da aka sayar, ka cire kuɗin saye, kuɗin buhu, na mota, na 'yan dako, la'adar dillali, hayar sito da maganin ƙwari. Abin da ya rage shi ne ribar shekara. Bambancin yana farawa bayan nan, domin mai shago shi kaɗai ya gama, ku kuwa yanzu za ku raba.

Saboda haka kowane abokin haɗaka yana buƙatar shafi biyu a littafi. Shafi na farko na jari ne, wato uwar kuɗin da ya zuba. Wannan ba a taɓa shi sai da dalili babba. Shafi na biyu na shiga da fita ne. A nan ake rubuta masa kasonsa na riba, a kuma cire duk abin da ya ɗauka a cikin shekara, ko kuɗi ne ko buhun masara da ya kai gida lokacin azumi. Kada ka raina wannan buhun. Mafi yawan rigimar da na gani tsakanin abokan haɗaka ba daga babbar sata take tasowa ba, daga irin waɗannan ƙananan ɗauke-ɗauken ne da ba wanda ya rubuta, sai ƙarshen shekara kowa ya tuna na ɗan'uwansa ya manta nasa.

Idan ba mu rubuta komai ba fa?

To akwai ƙa'idojin da ke cike gurbin. Littattafan akanta da ɗalibai ke karantawa don jarrabawar WAEC da NECO suna bin dokar haɗaka ta Ingila ta 1890, wadda dokokin haɗaka a Nijeriya suka samo tushe daga gare ta. Ta ce idan babu wata yarjejeniya, riba da asara a raba daidai wa daida, ba a ba kowa komai a kan jarinsa, ba wanda ke da albashi, kuma ba a shigar da sabon mutum sai kowa ya yarda.

Ka lura da ta farkon. Ko kai ka zuba miliyan tara abokinka ya zuba miliyan ɗaya, idan ba ku ajiye wata magana ba, rabi da rabi ne a wannan ƙa'ida. Maganar baki ma yarjejeniya ce, amma tabbatar da ita bayan an ɓata yana da wuya, musamman idan shaidun sun rasu ko sun ƙaura, abin da ba baƙo ba ne a yankin da rashin tsaro ya tayar da ƙauyuka da dama.

Yaya ake tsayar da kason riba?

Mu ɗauka mutum biyu ne. Na farko ɗan Faskari, ya zuba naira miliyan 6, kuma shi ke zaune a sito. Na biyu ɗan Sabuwa, ya zuba miliyan 4, shi ke bin kasuwannin ƙauye yana saye, shi ke raka mota. A ƙarshen shekara ribar ta tashi miliyan 3.

Idan suka raba daidai, kowa zai ɗauki miliyan ɗaya da rabi. Ɗan Faskari zai ji an ƙware shi, don kuɗinsa sun fi yawa. Idan suka raba bisa jari, wato uku da biyu, sai a kasa ribar gida biyar, kowane gida naira 600,000. Ɗan Faskari ya ɗauki gida uku, naira 1,800,000, ɗan Sabuwa gida biyu, naira 1,200,000. Yanzu kuma shi zai ji an ƙware shi, don shi ke kwana a hanya, kuma kowa ya san abin da hanya take nufi a wannan yanki.

Dukansu suna da gaskiya, domin abu biyu ne ke haifar da ribar nan, kuɗi da wahala, kuma ba daidai suka kawo su ba. Kason riba ba lamba ba ce da ake tsinta a littafi. Ku ne za ku zauna ku auna abin da kowa ya kawo, ku tsayar da shi tun kafin a sayi buhun farko.

Mene ne ladan jari, kuma yaya ake lissafa shi?

Hanyar da akantoci suka saba bi don sasanta wannan ita ce a ware wa jari nasa lada tukuna, sannan a raba saura. A littattafai ana kiransa ruwa a kan jari. Ba kuɗi ne da ke zuwa daga waje ba. Daga cikin ribar ake yankarsa, don a saka wa wanda ya fi zubawa.

Mutanenmu biyu sun amince da kashi 10 cikin 100 a shekara, saura kuma a raba daidai. Ɗan Faskari zai samu kashi 10 na miliyan 6, wato naira 600,000. Ɗan Sabuwa naira 400,000. An fitar da miliyan ɗaya ke nan, saura miliyan 2, kowa ya ɗauki miliyan ɗaya. A jimlace ɗan Faskari yana da naira 1,600,000, ɗan Sabuwa 1,400,000. Ka ga an sauka a tsakiya: mai kuɗi ya ga amfanin kuɗinsa, mai wahala bai tashi a banza ba.

Abu biyu za ka kiyaye. Na ɗaya, lokaci yana shiga lissafin. Idan mutum ya ƙara miliyan ɗaya bayan wata shida, ladan rabin shekara zai samu a kanta, naira 50,000, ba 100,000 ba. Na biyu, idan dama bisa jari kuke raba riba, wannan lissafin ɓata tawada ne, don ko kun yi shi ko ba ku yi ba amsa ɗaya za ku samu. Yana da amfani ne kawai idan kason riba ya bambanta da kason jari.

Yanzu ga inda yake ciwo. A ce shekara ta zo da gardama, farashi ya faɗi, ribar duka naira 600,000 ce. Ladan jari kuwa miliyan ɗaya ne. Idan yarjejeniya ta ce dole a ba da shi cikakke, an samu giɓin naira 400,000 da za a raba daidai, kowa a cire masa 200,000. Ɗan Faskari ya tashi da 400,000, ɗan Sabuwa da 200,000. Idan kuma babu riba sam, lissafin zai nuna ɗan Sabuwa ne zai biya abokinsa naira 100,000 daga aljihunsa, alhali shi ya sha rana. Don haka dole takardarku ta faɗi abin da za a yi idan riba ba ta kai ba.

Wannan ba kuɗin ruwa ba ne da addini ya hana?

Na san tun da na ambaci kalmar ruwa wannan tambaya take ranka, kuma tambaya ce mai nauyi. Akanta zai ce maka wannan ba bashi ba ne, salon rabon riba ne tsakanin masu dukiya. Amma malaman fiƙihu sun yi ittifaƙi cewa a tarayyar kasuwanci ba a yanka wa wani abokin tarayya adadin kuɗi tabbatacce, kaso ake yanka masa daga abin da aka samu. Misalin shekarar da ba riba da na kawo ya nuna dalilin. Haka kuma asara a wurinsu bisa jari take tafiya, ba bisa kason riba ba. A mazhabar Malikiyya da muke bi ma an fi tsanantawa: Risala ta Ibn Abi Zaid ta gindaya cewa masu haɗa dukiya su raba riba gwargwadon abin da kowa ya zuba, aiki ma haka. Hanafiyya da Hanbaliyya ne suka ba da damar a fifita wani a riba saboda aikinsa. Sannan akwai ƙiradi, inda wani ke kawo kuɗi wani ke juya su, wanda hukuncinsa daban ne.

Ta fuskar lissafi akwai hanyar da za ta kai ka kusan wuri ɗaya ba tare da yanka adadi ba. Ku ce sulusin duk ribar da aka samu na jari ne, a raba shi uku da biyu, sauran sulusi biyun na aiki ne, a raba daidai. A shekarar miliyan 3, sulusi miliyan ɗaya ne, kuma amsar za ta fito 1,600,000 da 1,400,000, daidai da ta ɗazu. A shekarar 600,000 kuwa za ta fito 320,000 da 280,000. A shekarar da ba riba ba wanda ke bin wani ko kwabo. A ganina wannan ya fi adalci ko da an ajiye maganar hukunci gefe. Duk da haka ka kai tsarin da kuka zaɓa gaban malamin da ya san babin ciniki kafin ku sa hannu. Zan ci gaba da misalin kashi 10 don shi ne ke cikin littattafai, amma matakan da ke tafe ba su canzawa ko wanne ka bi.

Sabon mutum ya zo. Daga ina kasonsa zai fito?

Bayan shekara uku, wani ɗan Ƙanƙara ya nemi shiga, kuma an yarda a ba shi kashi ɗaya cikin biyar. Riba ba ta da gida na shida. Duk abin da aka ba shi, daga hannun tsofaffin ya fito.

Idan su biyun suka ɗauki nauyin daidai, saura kashi huɗu cikin biyar su raba biyu, sabon kaso ya zama biyu, biyu, ɗaya. Don ka ga abin da kowa ya rasa, mayar da komai bisa goma. Da kowannensu yana da biyar cikin goma, yanzu yana da huɗu. Kowa ya sadaukar da ɗaya cikin goma.

Amma ba dole ne a yi haka ba. A ce ɗan Ƙanƙara surukin ɗan Faskari ne, ɗan Sabuwa ya ce, "Alhaji, ni ban ƙi ba, amma kai ka kawo shi, daga naka za ka yanka masa." To sai kaso ya zama uku ga ɗan Faskari, biyar ga ɗan Sabuwa, biyu ga sabon. Riƙe wannan bambanci da kyau, domin duk diyyar da sabon zai biya, wanda ya sadaukar ake ba, gwargwadon abin da ya sadaukar.

Kafin ku ce masa bismilla, ku yi wani ɗan gwaji. Idan za ku koma cin kashi huɗu cikin biyar, sai ribar ta tashi daga miliyan 3 zuwa naira 3,750,000 kafin ku biyu ku dawo inda kuke. Shin kuɗinsa da aikinsa za su ƙara ribar da rubu'i? Idan amsar a'a ce, ba abokin haɗaka kuke buƙata ba.

Me ya sa sai an sake kimanta kaya kafin ya shiga?

Saboda abin da littafi ya ce da abin da kasuwa ta ce ba ɗaya ba ne. A ce akwai buhu 100 na masara a sito da aka saya naira 40,000 kowanne, yau kuma yana 55,000. An samu ƙarin naira 1,500,000 da ba a rubuta ba tukuna. Idan sabon ya shiga yau, aka sayar gobe, zai ci kashi ɗaya cikin biyar na ribar da aka yi tun bai zo ba.

Haka abin yake ta ɗaya gefen. Akwai bashin naira 300,000 a hannun wani da ya bar gari, kowa ya san ba zai dawo ba, amma littafi yana ƙirga shi a dukiya. Babur ɗin da ake shiga ƙauye da shi da sikeli sun tsufa, darajarsu ta ragu da naira 200,000. Idan ba a gyara ba, sabon zai ɗauki asarar da ba shi da hannu a ciki.

Sai a haɗa: ƙarin 1,500,000, a cire 500,000, saura miliyan ɗaya. Wannan na tsofaffin ne su kaɗai, bisa tsohon kasonsu, kowa naira 500,000 a shafin jarinsa. Jarin ɗan Faskari ya zama miliyan 6 da rabi, na ɗan Sabuwa miliyan 4 da rabi, jimla miliyan 11. Shawarata a nan, a buɗe sito a ƙirga buhu ɗaya bayan ɗaya a gaban sabon, a soka a duba ko ƙwari sun shiga, a kuma ɗauki farashin ranar kasuwa mafi kusa. Kada a kimanta daga zaure.

Mene ne darajar suna?

Akantoci suna kiranta gudwil. Ita ce abin da ke sa kasuwancinku ya fi ƙarfin kayan da ke cikinsa. Ka ɗauki mutum biyu, kowa da miliyan 10. Ɗaya yau ya fara, ɗaya ya shekara goma. Na biyun manoma suna ajiye masa kaya don sun san awonsa ba ha'inci. Mai gonar kaji a Kaduna ko Kano yana turo kuɗi kafin ya ga buhu. Direbobi suna ɗaukar kayansa a biya daga baya. Ya san ƙauyen da masararsa ke bushewa da kyau da wanda ake cusa ƙasa a gindin buhu. Duk wannan ba ya cikin sito, amma yana cikin riba.

Sabon da ya shigo zai fara cin wannan tun ranar farko. Abin da ake nema ya biya shi ne diyyar kason da aka sallama masa na wannan fifiko. Kada ka ɗauke shi cin hanci ko kuɗin shiga ƙungiya. Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya, a zamanta na Kuwait a 1988, ta tabbatar cewa sunan kasuwanci da alamarsa haƙƙi ne mai darajar kuɗi, ana iya sayar da shi idan babu yaudara.

Yaya ake sa mata kuɗi?

Ba sikelin da ke auna ta, ciniki ne. Amma akwai hanyoyin da ke hana cinikin zama faɗi-in-faɗa.

Hanya mafi sauƙi ita ce a ɗauki matsakaicin ribar 'yan shekaru a ninka. Ribar mutanenmu ta shekara uku ita ce naira 2,400,000, sai miliyan 3, sai 3,600,000. Jimla miliyan 9, a raba uku, miliyan 3. Idan aka ce ribar shekara biyu, darajar suna ta zama miliyan 6. Ni ban cika son wannan hanya ba a harkar hatsi, don tana ɗaukar duk ribar kamar suna ne ya kawo ta, alhali mafi yawanta kuɗi ne da gumi.

Wadda ta fi kusa da gaskiya ita ce a tambaya: baƙon da ba wanda ya sani, idan ya zo da jari irin namu ya yi aiki irin namu, nawa zai samu? A ce miliyan 2. To fifikon da suna ya kawo miliyan ɗaya ne a shekara. Shekara nawa ake sa ran wannan fifiko zai ɗore ko da ba a ƙara komai ba? Suka daidaita a kan uku. Darajar suna ta zama miliyan 3.

Idan kai ne mai shiga, ga abin da za ka tsaya a kai. Da farko, riba mai hawa ba kullum take nufin kasuwa na girma ba. A 2024 hauhawar farashi a Nijeriya ta haura kashi 30 cikin 100, don haka ribar da ta ƙaru da kashi 20 a irin wannan shekara raguwa ta yi a zahiri. Ka tambayi buhu nawa aka juya kowace shekara, ba naira nawa kaɗai ba. Sannan ka duba ko an cire ribar sa'a, irin wadda ake samu sau ɗaya idan farashi ya yi tsalle. Ka kuma tambayi kanka sunan na wane ne. Idan duk manyan masu saye ɗan Sabuwa suka sani, ranar da ya fita sunan ya bi shi, kai kuma ka riga ka biya.

Abu na ƙarshe ya shafi yankin nan musamman. A 2021 gwamnatin Katsina ta rufe hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme ga motocin haya, ta dakatar da cinikin dabbobi a kasuwannin ƙananan hukumomi da dama, aka kuma katse layukan waya a wurare da suka haɗa da Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara. Wanda cinikinsa ya dogara da kiran waya da hanya ɗaya ya ga yadda fifikon shekaru ke tsayawa cik a mako guda. Saboda haka ninka riba sau huɗu ko biyar, kamar yadda za ka gani a wasu misalan littafi, bai dace da nan ba. Shekara biyu zuwa uku na fifikon ya fi kama hankali, kuma ba laifi a raba biyan kashi-kashi.

Nawa sabon zai biya, kuma yaya za a rubuta?

Ba duka miliyan 3 zai biya ba, tunda ba duka ya saya ba. Kashi ɗaya cikin biyar ya saya, wato naira 600,000. Tsofaffin sun sadaukar daidai, don haka kowa naira 300,000. Da a ce surukinsa ne kaɗai ya yanka masa, duk 600,000 na surukin ne.

Ɗan Ƙanƙara ya kawo naira 3,600,000. A nan ne ake yawan samun rashin fahimta, don shi a ransa jarinsa 3,600,000 ne. A'a. Jarinsa miliyan 3 ne, sauran diyya ce ta tafi shafin tsofaffin. A gaya masa wannan ƙarara a gaban shaidu, kada ya fara ji ranar da zai fita.

Akantoci suna rubuta shi da taki biyu. Da farko a raba duk miliyan 3 na darajar suna ga tsofaffin bisa tsohon kaso, kowa a ƙara masa miliyan ɗaya da rabi. Sannan a goge ta daga littafi bisa sabon kaso na biyu, biyu, ɗaya: a cire wa kowane tsoho naira 1,200,000, a cire wa sabon 600,000. Ka ga kowane tsoho ya tsira da ƙarin 300,000, sabon ya ragu da 600,000, daidai da lissafinmu. Ana goge ta ne don kada littafi ya riƙa nuna dukiyar da ba za a iya sayarwa a biya bashi da ita ba.

Jarin ɗan Faskari yanzu naira 6,800,000, na ɗan Sabuwa 4,800,000, na ɗan Ƙanƙara miliyan 3. Jimla 14,600,000. Ga yadda za ka gane ko an yi kuskure: dukiyar da ke nan kafin ya shiga miliyan 11 ce, ya kawo 3,600,000, an samu 14,600,000. Idan lambobin biyu ba su haɗu ba, wani shafi ya ci na wani. Idan kuma tsofaffin suka zaɓi su zare diyyarsu su kai gida, jarinsu zai koma yadda yake, kuɗin juyawa kuma ya ragu da 600,000. Wannan ma a yanke shi tun farko, domin idan don ƙarin jari aka kawo mutum, zare kuɗin ya rage amfanin kawo shi.

A shekara ta gaba, a ce riba ta kai naira 3,960,000. Ladan jari na kashi 10 zai zama 680,000 da 480,000 da 300,000, jimla 1,460,000. Saura miliyan 2 da rabi, a kasa biyar, kowane gida 500,000. Ɗan Faskari ya tashi da 1,680,000, ɗan Sabuwa da 1,480,000, ɗan Ƙanƙara da 800,000.

Wace kasada kowa ya ɗauka?

A haɗaka ta yau da kullum, bashin kasuwanci bashinka ne har gida. Idan abokinka ya karɓi kaya da sunan haɗaka bai biya ba, mai kaya yana iya binka, kuma ba a tsaya a jarin da ka zuba ba. Wannan ya hau kan sabon daga ranar da ya shiga. Bashin da aka ci kafin zuwansa kuwa ba ya kansa sai in ya yarda ya ɗauka, don haka a rubuta jerin masu bin bashi da ranar shigarsa a takarda ɗaya.

Dokar kamfanoni ta 2020 ta buɗe ƙofar yin rajistar haɗaka mai iyakantaccen alhaki a Hukumar Rajistar Kamfanoni, inda dukiyar gida ke samun kariya daga bashin kasuwanci, sai dai tana zuwa da ɗawainiyar takardu da rahoton shekara. Idan kuma kun riga kun yi rajistar sunan kasuwanci, shigar sabon mutum canji ne da ake sanar da hukumar, a kuma gyara masu sa hannu a banki.

Takardar da za ku rubuta, ko da Hausa ce ko da ajami, ta ƙunshi jarin kowa bayan kimantawa, sabon kaso, abin da jari zai samu da yadda za a yi in riba ta gaza, yadda za a raba asara, iyakar abin da mutum zai iya ɗauka a wata, da hanyar da aka bi aka sa wa suna kuɗi. Wannan na ƙarshen ku rubuta shi dalla-dalla, har da adadin shekarun da aka ninka, domin da shi za a yi aiki ranar da wani zai fita, ko ranar da magadansa za su zo neman haƙƙinsu. Kowa ya riƙe kwafinsa, shaidu biyu su sa hannu, a kuma ajiye ɗaya a wani gari daban da inda sito yake.